Jan Wake Mai Ƙarfi-Ƙarfi, Ana Ci?

Wata baiwar Allah daga Madobi ta ce ta sayo jan waken nan mai siffar ƙoda a Kano, ta sauke shi da sauran ƙarfi, yaranta suka yi ta amai. Shin waken ne?

Hajiya, da alama shi ne. Wannan wake daban yake da farin waken da manoman Kura da Bunkure ke shukawa. Yana ɗauke da guba ta halitta mai suna fitohemagulutinin, wadda ke ƙuje cikin hanji. Ƙwaya 4 ko 5 da ba su nuna ba sun isa jawo amai cikin awa 1 zuwa 3, daga baya gudawa ta biyo.

Abin mamaki, garwashi mai sanyi ba ya kashe gubar, ko da tukunyar ta wuni a kai. Ki jiƙa waken awa 5 ko ya kwana, ki zubar da ruwan, ki sa sabo, ya tafasa bal-bal na minti 30. Kada ki sauke sai ƙwaya ta murje tsakanin yatsu.

Yawanci ciwon kan lafa a ranar. Ki ba yaran ruwan gishiri da sukari. In suka galabaita, sai asibiti.