Igiya Uku, Buhu Ɗaya: Wace Ce Ta Fi Shan Wahala?

Ga buhun masara mai nauyin kilo 100 an rataye shi a sito. Igiya ɗaya ta ɗauko shi daga ƙasa zuwa wani zoben ƙarfe, daga zoben kuma igiya biyu suka rabu, ɗaya ta yi hagu, ɗaya ta yi dama, an ɗaure kowace a jikin ginshiƙi. Buhu ya tsaya cik, ba ya lilo. Da yawa za su ce igiyoyin saman nan sun raba nauyin ne, kowace ta ɗauki kilo hamsin. Wannan zato shi ke sa igiya ta tsinke a kan mutane.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, tun da zoben ba ya motsi, duk jan da ake yi masa ya kashe juna. Jan sama daidai yake da jan ƙasa, jan hagu kuma daidai da jan dama. Tun a 1586 Simon Stevin ya bayyana wannan lissafi a ƙasar Holan, kuma da shi injiniyoyi ke aiki har yau.

Igiyar ƙasa ba ta da wuyar sha'ani. A tsaye take, buhu kaɗai take riƙe da shi. Ana auna ƙarfin ja da niyuton, kuma ƙasa na jan kowane kilo da niyuton 9.8, saboda haka jan da ke cikinta niyuton 980 ne.

Igiyoyin sama su ne masu aiki biyu, domin a karkace suke. Wani kaso na ƙarfinsu yana ɗaga kaya, sauran yana tafiya wajen jayayya da juna. Ana gane kason da awo kawai. A ce igiyar hagu, a kowace mita 5 ta tsawonta, tana hawa mita 3 tana matsawa gefe mita 4. Ke nan 0.6 na janta yana ɗagawa, 0.8 yana ja gefe. Ta dama ta fi miƙewa: tana hawa 4, tana matsawa gefe 3, wato 0.8 sama, 0.6 gefe. In aka kira jan hagu T1, na dama T2, sai a rubuta:

```
0.8 T1 = 0.6 T2
0.6 T1 + 0.8 T2 = 980
```

Layin farko na cewa jan gefe ya kashe juna, na biyu kuma na cewa igiyoyin biyu tare sun ɗauke buhun. Daga layin farko an ga T2 ya kai T1 da sulusinsa. Idan aka sa wannan a layi na biyu, T1 zai fito niyuton 588, T2 kuma 784. Wato igiyar hagu tana jin kamar an rataya mata kilo 60, ta dama kilo 80. A haɗe kilo 140 ke nan, alhali buhun ɗari ne. Ba kuskure aka yi ba, rarar ta jayayyar gefe ce. A lura kuma, wadda ta fi miƙewa tsaye ita ta fi ɗaukar kaya.

Babban haɗari yana wajen mai son ya ga igiya ta ɗame sosai don kada kaya ya yi ƙasa. Idan igiyoyin sama daidai suke da juna, dabarar lissafin gajeriya ce: a raba nauyin biyu, a ninka da tsawon igiya, a raba da hawan da ta yi. Igiya mai mita 10 da ta hau mita 5, kowace tana jin kilo 100 cur. Idan aka ɗame ta har hawan ya koma mita 1, kowace tana jin kilo 500, niyuton 4,900, duk a kan buhu guda. Ginshiƙan ma da kusan wannan ƙarfi ake jansu ciki, shi ya sa a kan ga sandar da aka ɗaura wa waya ta sunkuyo. Ba yadda za a yi igiya mai kaya a tsakiya ta miƙe sambal a kwance, sai dai ta lotsa ko ta tsinke.

Wannan lissafi na kayan da ke tsaye ne. Da an fizgi buhun, ko an sake shi ya faɗo igiya ta tare shi, jan zai wuce waɗannan lambobi nesa. Ƙulli ma yana rage ƙarfin igiya, galibi a bakinsa take yankewa. Shi ya sa masu ƙera wayar ƙarfe ta ɗaga kaya sukan ƙayyade a ɗora mata kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta. Mai rataya kaya ya duba bakin ƙulli da wurin da igiya ke gogar ginshiƙi. In zare ya fara warwarewa, ko igiyar ta sirance a wuri ɗaya, a sauke buhun a sake wata.