ƘUNSHI

Lalle wani ɗan itace ne mai ƙananan ganyaye da farin fure mai ƙanshi. A cikin ganyen nan akwai launi ja, wanda yakan kama fatar mutum. Da shi mata ke yin ƙunshi ran salla ko lokacin biki.

Da fari akan tsinko ganyen, a shanya shi a inuwa har ya bushe. Sa'an nan a daka shi a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi. Gari mai kyau kore ne. In ya daɗe a ajiye sai ya koɗe, ba ya kuwa kamu sosai.

Ga yadda gwanar ƙunshi takan yi na hannu biyu. Takan ɗebi garin lalle cokali uku, ta matsa lemon tsami biyu a ciki, ta ƙara ruwa kaɗan kaɗan tana damawa, har ya yi kauri kamar kunu mai kauri. Kana ta rufe shi, ta ajiye tun hantsi har la'asar, don launin ya fito.

A dā akan shafe hannu da lalle, a naɗe shi da ganye, a zura cikin zunguru, watau wani dogon ƙoƙo. Yanzu kuwa akan zuba kwaɓin cikin leda mai tsini, a yi zane da shi. Nan ne ake gane mai natsattsen hannu. Takan kafa gwiwar hannunta wuri guda, ta riƙa matsa ledar daidai wa daida. In kwaɓin ya yi ruwa, zanen ya baje. In ba a tankaɗe garin sosai ba, bakin ledar ya toshe.

Wajibi ne a wanke hannu tukuna, gama mai yana hana lalle kamu. Bayan an gama zane, sai a bar shi sa'a shida, ko ma ya kwana. Sa'ad da aka kankare shi, za a ga launin bai yi duhu ba. Kada a damu, cikin kwana biyu zai nuna, ya yi ja wur. Ya fi kama tafin hannu da na ƙafa, domin fatarsu ta fi kauri. Bayan mako biyu ko uku yakan goge.

Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi ƙirin. Waɗansu masu gaggawa sukan sa rinin gashi don zane ya yi baƙi nan da nan. Wannan yakan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, har ya bar tabo. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.

TAMBAYOYI

1. Yaya ake gane garin lalle mai kyau?
2. Don me ake wanke hannu kafin a sa lalle?
3. Mene ne zunguru?