Minti Ɗaya a Kunnen Baƙo

'Yata, na saurari muryar da kika ɗauka domin ki ɗora a bayananki na dandalin neman malamai, inda kike son iyayen da ke zaune a ƙasashen waje su ɗauke ki ki koyar da 'ya'yansu Hausa. Muryarki a natse take, lafazinki kuma garau. Sai dai tun da kin ce Kawu ya faɗa miki gaskiya, to ga ta: kin yi minti biyu da rabi kina magana, amma uwar da ke neman malama ba ta ji amsar tambayarta ba sai can wajen ƙarshe, kuma da wuya ta yi haƙurin kaiwa nan.

Kin fara da sallama da doguwar gaisuwa, kin gode wa iyaye da malamai, kin faɗi garin da aka haife ki, sannan kika jero makarantunki tun daga firamare har kwalejin ilimi. Duk wannan tarbiyya ce, kuma da a zauren gidanmu kike ko a taron walima, da na ce madalla. Amma wadda za ta danna ta saurare ki ba baƙuwarki ba ce da ta zauna a kan tabarma. Mace ce da ta dawo daga aiki a London ko Jidda, ga malamai da yawa jere a gabanta, tana taɓa wannan ta saurara kaɗan ta wuce wancan. Tambaya ɗaya ce a ranta: wannan za ta iya da ɗana? Duk jimlar da ba ta taimaka mata wajen amsa wannan ba, cire ta.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe abin da zai shiga da wanda zai fita ita ce ki ajiye rubutaccen bayaninki a gabanki, ki tambayi kanki me rubutu ya riga ya ɗauka. Takardar shaidarki, sunan kwalejinki da shekarar da kika gama, duk ido yana karanta su cikin daƙiƙa biyu, don haka karanto su da baki ɓata lokaci ne. Haka kuma duk abin da ke canzawa, a rubuce ya kamata ya zauna. Kuɗin darasi zai tashi wata rana. Lokutan da kike da sarari su ma ba tsayayyu ba ne: agogon Najeriya yana daidai da na London a lokacin zafinsu, amma idan hunturu ya shigo muna gabansu da awa ɗaya, Saudiyya kuma kullum tana gabanmu da awa biyu. Rubutu kina gyara shi nan take, murya kuwa sai kin sake ɗauka daga farko. Lambar waya da kwatancen gida kada ma su fito daga bakinki, domin ba ki san wanda zai saurara ba, kuma abin da ya shiga hannun mutane ba ya dawowa.

Abin da ya rage wa murya shi ne wanda rubutu ba zai iya ɗauka ba. Na farko, yadda ake kiran sunanki daidai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa LinkedIn ya ware daƙiƙa 10 domin mutum ya ɗauki furucin sunansa kawai. Na biyu, irin Hausarki. Basakkwaciya ko Badamagariya tana iya son ɗanta ya tashi da karin gidansu, wata kuma daidaitacciyar Hausa take nema. Ki faɗi daga inda kike, kunnenta zai ƙarasa sauran. Na uku, halinki da yara. Kowa zai iya rubuta cewa yana da haƙuri, amma saurin magana da sanyinta ba sa ɓoyuwa. Idan kika ce kina da haƙuri alhali kina zuba kamar ana korar ki, muryar za a gaskata, ba kalmar ba.

To, ta yaya za a shirya shi? Ki ɗauki minti ɗaya a matsayin iyaka, sai dai idan dandalin ya gindaya nasa tsawon, wanda dole ki duba kafin ki fara. Wasu, irin su Preply da italki, bidiyo ma suke nema, amma maganar da za ki yi a ciki ita ce dai wannan. Magana a natse cikin minti ɗaya ba ta wuce kalma 120 da 'yan kai, saboda haka ki rubuta, ki ƙirga, ki karanta da agogo a hannu. Daƙiƙa 10 na farko na sallama ne da suna da abin da kike yi. Sai ki faɗi irin yaran da kike koyarwa, sai yadda darasi yake gudana, sai abin da kike so mai sauraro ya yi idan ya gamsu. Ga yadda naki zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Sunana wance, ni malamar Hausa ce daga Kano. Ina koyar da yara 'yan shekara 6 zuwa 12, musamman waɗanda suke jin Hausa idan an yi musu, amma su mayar da amsa da wani harshe. Shekarata 6 ina koyarwa a firamare. Darasina minti 30 ne, domin yaro ba ya daɗewa a gaban waya hankalinsa bai tafi wani wuri ba. Mukan fara da gaisuwa, mu yi gajeriyar tatsuniya, sannan yaro ya maimaita mini ita da bakinsa. A makonnin farko abin da nake nema shi ne ya iya gaishe da kakarsa, ya amsa tambayoyinta ba tare da an fassara masa ba. Idan haka ɗanku yake, ku nemi darasin gwaji mu ga inda ya tsaya. Na gode."

Ki lura da jimlar da ta fi kowace aiki a nan, wato ta yaron da yake ji amma ba ya mayarwa. A ɗaukarki ta farko cewa kika yi kina koyar da kowa da kowa, manya da yara, 'yan koyo da waɗanda suka yi nisa. Na san tsoro ne ya sa, kada ki rasa ɗalibi. Amma wanda ya ce na kowa ne, babu wanda zai ji da shi ake. Uwar da ɗanta yake amsa mata da Turanci ko Larabci, tana jin wannan jimla za ta ajiye abin da take yi, domin kin kwatanta gidanta ba tare da kin taɓa shiga ba. Baligin da yake neman Hausar kasuwanci zai wuce, kuma gara ya wuce tun yanzu da ya biya kuɗin gwaji ya tafi yana ƙorafi.

Ki kuma lura babu inda kika ce ke ƙwararriya ce ko babu kamarki. Yabon kai jahilci ne, kuma ba ya gamsar da kowa. Tsarin darasin da kika faɗa, da dalilin da ya sa kika tsaya a minti 30, su suka nuna kin san yara. Alkawarin ma daidai gwargwado yake. Ba ki ce cikin wata uku yaro zai zama Bakano ba, gaisuwa da kaka kika ambata, abin da iyaye za su iya gwadawa da kansu a waya. Kada ki ɗora wa bakinki abin da darasinki ba zai iya saukewa ba. Idan kuma kina jin harshen da yaran suke yi a makaranta, ki ƙara jimla ɗaya da shi kafin ki rufe, domin iyaye su san za ki iya yi wa yaro bayani idan ya kakare.

Sai maganar ɗaukar kanta. A taki ana jin ƙugin fanka daga farko har ƙarshe, kuma muryar tana amsa kuwwa, alamar a falo mai tayil kika tsaya. Ki shiga ɗakin kwana, inda katifa da labule da kayan sawa za su shanye amon. Ki kashe fanka, ki zaɓi lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru, ki sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ki. Kafin ki ce komai, ki ɗauki daƙiƙa 10 na shiru ki saurara da abin sawa a kunne. Abin da kunnenki ya saba da shi har ya daina ji, kamar firiji ko kajin tsakar gida, a nan zai bayyana. Wayar ta yi nisan taƙi ɗaya da bakinki, a ɗan karkace gefe. Idan kika ji wani "buf" duk lokacin da kika furta fa ko ba, iskar bakinki ce take bugun makirufo, sai ki ƙara karkatar da ita. Idan murya tana tsagewa a inda kika ɗaga ta, kin matso da yawa. Kuma ki yi amfani da manhajar ɗaukar murya ta wayar, ba saƙon murya na WhatsApp ba, domin shi yana matse sauti ya rage masa kyau.

Rubutun nan kuma ba na karantawa ba ne. Mai karatu ana gane shi, domin muryarsa takan miƙe ta daina hawa da sauka irin na hira. Ki maimaita shi har ya zauna miki, sannan ki kife takardar, ki bar kalmomi huɗu kawai a gabanki: suna, yara, darasi, gwaji. Ki yi magana kamar da ƙawarki mai ɗa kike yi. Ki ɗauka sau uku ko huɗu ki tsaya, domin daga nan murya takan gaji, fara'arta ta zama ta dole. Ɗan tuntuɓen harshe guda ba ya ɓata komai.

Idan kin zaɓi wadda ta fi, ki ba wata uwa da ba ta san aikinki ba ta saurara sau ɗaya tak, ta lasifikar waya, yadda yawancin mutane za su ji. Kada ki tambaye ta ko ya yi daɗi, don kunya za ta sa ta ce ya yi. Ki tambaye ta wa kike koyarwa, yaya darasin yake, kuma me za ta yi idan tana so. In ta amsa ukun, ki ɗora. In ta rasa ɗaya, wannan jimlar kawai za ki gyara ki sake ɗauka. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa ki da iyaye masu mutunci da ɗalibai masu jin magana.