Kafin Ku Rubuta Suna a Jikin Mota: Shawarwari Ga Gidan Da Zai Fara Harkar Sufuri a Sabha

Gidaje da dama a Sabha sukan fara da Hilux guda da babura biyu, suna kai kaya tsakanin Gurda, Mahdiya da Manshiya. In kasuwa ta yi kyau sai hanya ta ja su arewa zuwa Tarabulus, ko kudu ta Murzuk da Gatrun da Tummo har Dirku da Agadas, daga can kuma Zinder da Kano. Sunan da kuka raɗa wa kamfani a tsakar gida zai bi ta bakin Balarabe da Batube da Buzu da Bahaushe, kuma za a rubuta shi da baƙaƙen Larabci da na Faransanci da na boko. Ku zaɓe shi da wannan tafiya a rai.

1. Ku cire sunan gari da na ƙabila. Sunan Sabha a jikin mota yana da amfani a Sabha kaɗai. Mai shago a Maraɗi da ke son aika buhunan tattasai Zinder zai ɗauka ba hanyarku ba ce. Sunan zuriya ya fi wannan haɗari. Wanda ya zauna a garin nan lokacin faɗan Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012 da 2014 ya san akwai shingen da ake wucewa ko a tsaya gwargwadon yadda aka ɗauke ku. Direbanku ne zai amsa tambayar da sunan ya jawo, ba ku da kuke gida ba.

2. Kada sunan ya ɗaure ku da abin hawa ɗaya. Kamfanin Grab ya fara a Malesiya a 2012 da sunan MyTeksi, sai da ya jefar da kalmar tasi a 2016 bayan harkarsa ta wuce tasi. Taxify ma ya koma Bolt a 2019. A Legas, Gokada ya gina sunansa kan okada, sai gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan unguwanni a Fabrairun 2020, ya koma kai saƙo da sunan da ke tuna wa mutane abin da aka hana. Su suna da kuɗin sake fenti da talla. Ku kuwa ba lallai ba.

3. Ku gwada sunan a harsuna uku, Hausa da Larabci da Faransanci, kafin ku ƙaunace shi. Nan ne aikin yake, don haka bari mu bi misali. A ce gida ya zauna bayan sallar isha, aka kawo sunaye biyar: Saƙo, Ƙafila, Zango, Tafiya da Ayari.

Saƙo ya faɗi tun a zagayen farko. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba su cikin Larabcin Libiya, yawancin wayoyi ba sa kawo su kai tsaye, magatakarda a Yamai kuma zai rubuta Sako. Haka duk sunan da ke da ts.

Ƙafila kalmar Larabci ce mai kyau, ma'anarta ayari. Amma mutanen Libiya suna furta baƙin ƙaf kamar g, sai ta fito gafla, kunnen Bahaushe kuma ya ji gafala. Ba wanda zai ba gafala ajiyar kayansa.

Zango ya fi ba ni sha'awa, domin an san shi daga Agadas har Kumasi. Sai dai a Gana da Togo Zongo ake rubutawa, ga rubutu biyu ke nan, a Libiya kuwa yana kusa da zanga, wato lungu, kalmar da har yanzu ke tuna wa mutane jawabin Gaddafi na Fabrairun 2011. Za a yi ta zolayar direbobinku.

Tafiya ba ta da aibu a Hausa, amma a Faransanci tafia sunan wata barasa ce mai arha da ake yi da rake.

Ayari ne ya tsallake. Gaɓoɓi uku ne, babu baƙin da Larabci ya rasa, kuma Bafaranshe ba zai sauya rubutunsa ba, saɓanin Madugu da zai koma Madougou. Tarkon Faransanci ke nan: u takan koma ou, sh ta koma ch, shi ya sa Murzuk ɗaya take da rubutu iri-iri a taswira. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. Ku aika sunan ta saƙon murya na WhatsApp ga ɗan'uwa a Kano, da wani a Agadas, da maƙwabci Balarabe, ku ce kowa ya rubuto abin da ya ji. In amsoshin sun bambanta, ku koma zaɓe.

4. Suna mai daɗi yakan riga ya sami mai shi. Amana da Baraka da Salam suna tafiya lafiya a harsunan nan uku, shi ya sa kowa ya yi musu rubdugu. A Nijar akwai kamfanin aika kuɗi mai suna Amana, in kuka shiga da wannan suna, mutane za su riƙa zuwa neman kuɗinsu a ofishinku. Ku tsaya a tashoshin Agadas ku karanta jikin motoci, irin su Rimbo da Sonef da Al Izza, ku tabbata naku bai yi kama da ko ɗaya ba a ido ko a kunne. Shi ma Ayari sai an bincika shi haka kafin a saya masa fenti.

5. Rajistar ƙasa ɗaya ba ta tsare ku a wata. A Libiya ana shigar da sunan cikin rajistar kasuwanci, da rubutun Larabci. A Najeriya hukumar CAC ce ke duba suna, ta ajiye muku shi na kwana 60, kuma kalmomin da ke nuna gwamnati ko tarayya sai da izini na musamman. Rajistar sunan kamfani dabam take da rajistar tambari, wadda ita ce ke hana wani sa sunanku a motarsa. Sufuri da kai kaya suna aji na 39 a jerin azuzuwan tambari na duniya. Ga Nijar da Cadi akwai sauƙi: ƙungiyar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, rajistarta guda tana aiki a ƙasashe 17 na shekara 10. Najeriya da Libiya ba sa cikinta, kowace sai an bi ta dabam. Ba sai kun biya duka a shekarar farko ba, amma ku kama sunan a Facebook da WhatsApp tun ranar da aka amince da shi, tunda wannan ba ya cin ko dinari.

6. Ku rubuta wanda ya mallaki sunan. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba yakan buɗe kamfani a Libiya da sunan abokin tarayya ɗan ƙasar. In ba a rubuta komai ba, ranar da aka rabu shi ne mai suna, ku kuma masu mota. Ku je wurin mai rubuta yarjejeniya, wanda ake kira muharririn uƙud, a fayyace cikin takarda wanda ke da ikon amfani da sunan a Libiya da wajenta. A cikin gida ma haka ne. Sunan Baba da 'ya'yansa yana da daɗin ji har zuwa ranar rabon gado, lokacin da 'ya'ya uku kowa zai buɗe reshensa da sunan guda. Layin wayar da aka buga a jikin mota da shafin kamfani kada su zauna a hannun yaro ɗaya don kawai shi ya iya waya. A sa mutum biyu a matsayin masu kula da shafin, a kuma yi rajistar layin da sunan kamfani.