Auna shekarun tsohon abu da kabon-14: abin da za a yi da wanda ba za a yi ba

Kai da aka ba ka gawayi, ƙashi ko guntun itace aka ce ka faɗi shekarunsa, saurara da kyau. Lissafin gajere ne, layi ɗaya ne a kan takarda, kuma gajartarsa ce ke sa mutane sakaci. Adadin da ka rubuta bisa kuskure zai shiga littafi, malamai su koyar da shi, kuma samfurin da aka ƙone wajen gwaji ba ya dawowa balle a sake aunawa.

Duk tsiro yana shaƙar kabon daga iska, dabba kuma tana samunsa daga tsiron da ta ci. A cikin wannan kabon akwai wani ɗan mitsitsi, kusan ƙwaya ɗaya cikin tiriliyan, da ake kira kabon-14, wanda yake rikiɗewa a hankali ya koma naitirojin. Muddin abu yana da rai, yana mayar da gurbin wanda ya rikiɗe. Ranar da ya mutu, shigowa ta tsaya, raguwa ta ci gaba. Bayan shekara 5,730 rabi ya tafi. Bayan ƙarin shekara 5,730, rabin abin da ya rage ne ke tafiya, sai ya zama saura kashi 25 cikin ɗari. Willard Libby da abokan aikinsa ne suka fito da wannan hanya a Jami'ar Chikago a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960.

Ɗakin gwaji yana auna ragowar, wato yawan kabon-14 da ke cikin samfur idan aka gwada shi da ma'aunin da aka amince da shi a matsayin na abu mai rai. Ana kiran wannan ragowa F, shekarun kuma t:

```
t = -8033 × ln(F)
```

Kwalekwalen Dufuna ya ishe mu misali. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, aka tono shi a 1994. An sassaƙa shi daga itace guda, tsawonsa ya haura mita 8. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus suka auna shi. Ɗaya ya ba da shekara 7,264, da ƙari ko ragin 55. Ɗayan ya ba da 7,670, da ƙari ko ragin 110.

Adadin farko yana nufin kabon-14 da ya rage ya kai kashi 40.5 cikin ɗari, wato F ya zama 0.405. Danna ln a kalkuleta, za ka sami -0.904. Ninka shi da -8033, ka sami kusan 7,260. Adadi na biyu yana nufin F ya zama 0.385, ln ɗinsa -0.955, shekarunsa kusan 7,670. Dubi tazarar da kyau: kashi 2 kacal cikin ɗari a awo, amma shekara 400 a tarihi. Shi ya sa ƙazantar da ido ba ya gani take iya lalata aikin gaba ɗaya.

Kuma duk adadin biyu ba su ne shekarun kwalekwalen na gaskiya ba. Lissafin ya ɗauka cewa yawan kabon-14 a iska bai taɓa canzawa ba, alhali ya yi ta hawa da sauka. Masana sun gano haka ne ta hanyar auna zobban da ke cikin kututturan itatuwa, waɗanda ake iya ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa jadawalin daidaitawa. Da aka ɗora adadin Dufuna a kan jadawalin, shekarun suka tashi zuwa tsakanin 8,000 da 8,500. Wanda ya tsaya a 7,264 ya zaftare wa kwalekwalen shekara wajen 800.

Abin da za ka yi

1. Mayar da kashi cikin ɗari zuwa F kafin ka taɓa kalkuleta. Idan ka sa 40.5 maimakon 0.405, za ka sami shekaru ƙasa da sifili, wanda shirme ne.

2. Gwada amsarka da ƙirgen rabi-rabi. Kashi 40.5 yana tsakanin 50 da 25, don haka dole amsa ta faɗo tsakanin wa'adin rabi ɗaya da biyu. In ta fita daga nan, ka yi kuskure.

3. San wa'adin rabin da kake aiki da shi, ka kuma rubuta shi. Libby ya yi amfani da 5,568, daga nan 8033 ta fito, kuma da shi ɗakunan gwaji suke bayar da sakamako har yau don adadin da da na yanzu su zo a ma'auni ɗaya. Littafin makaranta yana amfani da 5,730, wanda ya fi daidai, kuma abokin ninkinsa 8267 ne. Da shi, 0.405 zai ba ka kusan 7,470. Tazarar kashi 3 ce cikin ɗari, kuma ba ƙarama ba ce.

4. Daidaita kowane adadi da jadawali irin su IntCal20 kafin ka kira shi shekarar tarihi. Shekarar kabon daban, shekarar kalanda daban.

5. Ƙirga shekarun BP, wato shekaru kafin yanzu, daga 1950. Haka aka tsayar, kuma wanda ya ƙirga daga bana ya gusar da tarihin abin da shekara sama da saba'in.

6. Rubuta ƙari ko ragin tare da adadin, kullum. Alamar ± 55 tana cewa sau biyu cikin uku ne gaskiya ke faɗawa cikin wannan tazara; kana son tabbacin kashi 95, sai ka ninka tazarar biyu.

7. Zaɓi abin da bai daɗe a raye ba: ƙwayar gero da ta ƙone, ƙwallon 'ya'yan itace, ƙaramin reshe. Abin da ya rayu damina ɗaya, shekara ɗaya yake nunawa.

8. Ɗauki samfur da tsabtataccen ƙarfe, ka naɗe shi a takardar alminiyam, ka sa a leda, ka rubuta bayaninsa a bayanta. Maiƙon hannunka kabon ne na yau.

9. Rubuta zurfin da ka same shi, da irin ƙasar, da abin da ke kusa da shi, tun kana bakin ramin. Adadin da ba a san inda samfurinsa ya fito ba, ba ya amfanar kowa.

10. Auna fiye da samfur ɗaya, in da hali a ɗakin gwaji fiye da ɗaya. Tazarar da ke tsakanin awon Dufuna biyu ta fi ƙari ko ragin da kowannensu ya bayar, kuma da awo ɗaya aka yi, babu mai sanin haka.

Kafin jeri na biyu, tsaya ka fahimci gurɓata, domin ita ta fi kowane kuskure ɓarna, kuma ɓarnarta tana ƙaruwa ne da tsufan abu. Ka ɗauka kashi 1 cikin ɗari na kabon ɗin da ke samfurinka sabo ne, daga saiwar ciyawa, fumfuna ko ruwan ƙasa. A itace irin na Dufuna, F zai tashi daga 0.405 zuwa 0.411, shekaru su ragu da ɗari da ɗoriya. A gawayin da ya shekara 40,000, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, don haka baƙon ya fi na gida yawa, sai awo ya nuna kusan 33,000. A abin da kabon-14 ɗinsa ya ƙare ƙaƙaf, mai shekara miliyan, wannan kashi 1 kaɗai zai sa na'ura ta ce shekararsa 37,000. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta ƙirga. Alamar da za ta farkar da kai ita ce samfurin da ke can ƙasa ya fito da ƙarancin shekaru fiye da wanda ke samansa.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka yi lissafin raguwar kamar a miƙe take tafiya. Mai cewa rabi ya tafi a 5,730, saboda haka duka zai ƙare a 11,460, ya manta a lokacin kashi 25 yana nan daram.

2. Kada ka sa abin da ya tafi a gurbin abin da ya rage. Saka 0.595 maimakon 0.405 zai ba ka kusan 4,170, ka yi asarar shekara 3,000 ba tare da kalkuleta ta yi maka gargaɗi ba.

3. Kada ka danna log a maimakon ln. Da log, kwalekwalen zai fito da shekara kusan 3,150.

4. Kada ka haɗa adadin da aka samo da 5,730 da jadawalin daidaitawa. Jadawalin na adadin 5,568 ne, kuma ya riga ya gyara bambancin. Ka gyara da kanka, ka gyara sau biyu.

5. Kada ka amince da adadin da ya wuce shekara 50,000. A nan abin da ya rage bai kai uku cikin dubu ba, ƙura kaɗan ta isa ta rufe shi.

6. Kada ka kai dutse, tagulla ko ƙashin da ya riga ya koma dutse. Abin da ya taɓa rayuwa kuma kabon ɗinsa na asali yana nan, shi ake aunawa.

7. Kada ka ɗauki shekarar itace a matsayin shekarar aikin da aka yi da shi. Tsakiyar babban kututture ta daina karɓar kabon tun shekaru da dama kafin gatari ya taɓa bishiyar.

8. Kada ka auna wuri ko ƙashin kifin teku kamar na dabbar tudu. Ruwan teku yana riƙe da tsohon kabon, yana ƙara wa abin da ya rayu cikinsa shekara wajen 400. Katantanwar ruwan da ya bi ta kan dutsen farar ƙasa ma takan nuna tsufan da ba nata ba.

9. Kada ka shafa wa samfur gam, mai, man katako ko maganin ƙwari. Wanda aka yi da man fetur zai ƙara masa shekaru, wanda aka yi da tsiro ko dabba zai rage masa.

10. Kada ka naɗe shi da auduga, takarda ko ƙyalle, kada kuma ka rufe shi da danshi. Duka ukun sabon kabon ne, danshi kuma fumfuna yake haifarwa.

11. Kada ka tura ƙashi ba tare da an duba ko sinadarin kolajin ya saura a cikinsa ba. A ƙasa mai zafi irin tamu yakan lalace da wuri, ka biya kuɗi mai yawa a dawo maka da babu.

12. Kada ka yi amfani da wannan lissafi a kan abin da ya rayu bayan 1950. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya sun kusa ninka kabon-14 na iska a arewacin duniya zuwa tsakiyar shekarun 1960, don haka F yakan haura 1, amsa ta fito ƙasa da sifili. Irin wannan samfur yana da nasa jadawalin dabam, shi za ka nema.