Shawarwari Biyar Kan Kuɗin Jinkiri a Yarjejeniyar Gina Gida

Mai gida kan rubuta wa ɗan kwangila cewa duk makon da ya wuce wa'adi zai biya kaza. Kotunan Najeriya, bisa tsarin da suka gada daga Ingila, suna tilasta biyan kuɗin idan diyya ce da aka ƙiyasta tun farko, amma suna watsi da shi idan tara ce ta tsoratarwa.

1. Ka ɗora kuɗin a kan asararka ta gaskiya. A ce kana haya a kan naira 1,200,000 a shekara kafin a gama maka gini. Wata guda 100,000 ke nan, mako kuwa kusan 25,000. Idan ka rubuta 25,000 a mako, aka yi jinkirin mako takwas, za ka karɓi 200,000 ba tare da an ce ka kawo shaidar kowace asara ba.

2. Kada ka zuba kuɗin da ya wuce hankali. Naira 500,000 a kullum a kan kwangilar miliyan 20 za ta cinye kuɗin aikin duka cikin kwana 40. Ƙa'idar da kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta shimfiɗa a shari'ar kamfanin taya na Dunlop a 1914 ita ce: kuɗin da ya yi wa mafi girman asarar da za a iya hangowa fintinkau tara ne, ko da takarda ta kira shi diyya.

3. Ka sa kuɗin ya riƙa ƙaruwa da tsawon jinkiri. Dunƙulallen kuɗi ɗaya a kan makarar kwana guda da ta wata shida abin zargi ne a wurin alƙali. A 1904 kotun nan ta Birtaniya ta amince da fam 500 a mako kan kowane jirgin yaƙi da kamfanin Clydebank ya makara wajen miƙa wa gwamnatin Sifen.

4. Ka rubuta yadda za a ƙara wa'adi. Idan kai ka jinkirta kuɗin siminti, ko ka ce a ƙara ɗaki bayan an kai linta, kuma babu sharaɗin ƙarin lokaci, kana iya rasa kuɗin jinkirin gaba ɗaya.

5. Ka adana rasit da lissafinka. Idan kotu ta soke sharaɗin, haƙƙinka bai faɗi ba, sai dai yanzu dole ka tabbatar da kowace asara da hujja. Idan kuma ta amince da shi, galibi ba za ka samu fiye da abin da aka rubuta ba, ko da asararka ta zarce.

Don haka kafin ka sa hannu, ka kai wa lauya takardar tare da rasit ɗin hayarka ya duba.