Dandalin Lissafi: Kusurwar da Ta Wuce 90°

Teburin lissafi mai lambobi huɗu da muke amfani da shi a aji ya tsaya ne a 90°. To, idan jarrabawa ta kawo mana cos 210°, ina za mu nufa? Sai mu nemo kusurwar madogara, wato ƙaramar kusurwar da ke tsakanin layinmu da layin x.

Mu ɗauka muna tsaye a Dutsin-Ma, mun fuskanci gabas, wato 0°. Idan muka juya hagu muka kalli arewa, wajen Kurfi, mun kai 90°. Yamma 180° ce, kudu kuma 270°. Layin x shi ne wanda ya taso daga gabas zuwa yamma, kuma daga gare shi kaɗai ake auna madogara.

A rubu'i na biyu, madogara ita ce 180° − θ. A na uku, θ − 180°. A na huɗu, 360° − θ.

Madogara tana ba mu lamba, amma rubu'in ne ke ba mu alama. Cos yana bin layin x: a ɓangaren gabas (+), a na yamma (−). Sin yana bin layin y: a ɓangaren arewa (+), a na kudu (−). Tan kuwa sin ne aka raba da cos, don haka idan alamunsu suka zo ɗaya (+) ne, idan suka saɓa (−) ne.

Mu koma kan cos 210°. Mun wuce yamma da kaɗan, mun shiga rubu'i na uku. Madogara: 210° − 180° = 30°. Tebur ya ce cos 30° = 0.8660. Tunda muna ɓangaren yamma, cos 210° = −0.8660.

Sai tan 300°, a rubu'i na huɗu. Madogara: 360° − 300° = 60°, kuma tan 60° = 1.732. A nan muna kudu maso gabas, sin (−), cos (+). Sun saɓa, saboda haka tan 300° = −1.732.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne auna madogara daga layin y. A ba mutum sin 120°, sai ya ɗebe 90°, ya sami 30°, ya rubuta 0.5. Daidai shi ne 180° − 120° = 60°, amsa 0.8660. Ga yadda za mu gane: sin 90° = 1, kuma 120° ta fi kusa da 90° a kan 180°, inda sin ke komawa sifiri. Dole amsar ta haura 0.7.

Ga aikin wannan mako: sin 225°, cos 330° da tan 135°. A zana rubu'in kafin a buɗe tebur. A miƙa amsa ga sakataren ƙungiyarmu kafin tashi ranar Alhamis.